Sanarwa Ga Dukkan Ma'aikata Kan Sabon Tsarin Hutu

Daga Ofishin Kula da Ma'aikata, zuwa ga ma'aikatanmu na masana'anta a Sharaɗa da na sito a Bompai.

Assalamu alaikum. Hukumar gudanarwa ta yi wa tsarin hutu kwaskwarima, kuma zai fara aiki daga 1 ga Janairu mai zuwa. Takardar mai shafi 14 ce, da Turancin lauyoyi, shi ya sa muka tsamo muku abin da ya shafe ku.

Babban canjin a hutun shekara yake. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce duk wanda ya cika wata 12 a jere yana aiki, a ba shi hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa. Mu a da kwana 15 muke bayarwa, yanzu ya koma 18. Kwanan aiki ake nufi, wato ba a lissafa Lahadi da ranakun da gwamnati ta ba da hutu. Idan Sallah ko Maulidi ya faɗo a tsakiyar hutun mutum, ba za a cire masa waɗannan ranaku ba.

Sai dai tara hutu ya ƙare. Mun san akwai masu ajiye na shekara biyu ko uku, wasu kuma su shigo ofis su ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kuɗin kawai, ni ba na gajiya." Wannan ba zai ƙara yiwuwa ba, kuma ba rowa ba ce: doka ta hana a biya ma'aikaci kuɗi a madadin hutunsa, sai in zai bar aikin. Mai tsayuwa a gaban inji shekara biyu ba hutu, idonsa da hannunsa ba sa zama daidai, ko ya yarda ko bai yarda ba. Kwana 5 kawai za a iya tsallakawa da su sabuwar shekara, su ma a cinye su kafin 31 ga Maris. Misali, direban da ya rage masa kwana 9 a Disamba, 5 ne za su bi shi. Sauran 4 ya roƙi shugaban sashensa ya sa masa su kafin shekara ta fita. Masu tsohon tari kuwa su zo mu zauna a tsara musu yadda za su cinye, ba wanda zai yi asarar abin da ya riga ya tara.

A riƙa cike fom mako biyu kafin ranar tafiya. Goman ƙarshe na azumi kowa yana so, kuma ba zai yiwu a rufe sashe ba, don haka wanda ya samu bara ya haƙura wa ɗan'uwansa bana.

Hutun rashin lafiya yana nan kwana 12 a shekara kamar yadda doka ta tanada. Abin da ya sauya shi ne takarda. Jinyar da ta wuce kwana biyu sai da takardar likita mai rajista, ko daga asibitin gwamnati irin su Murtala da Nasarawa, ko daga asibitin kuɗi. Rasit ɗin kemis ba ya wadatarwa.

Hutun haihuwa ya tashi daga mako 12 zuwa 16. Doka rabin albashi ta wajabta ga wadda ta yi wata 6 a aiki, mu cikakke za mu biya. Bayan dawowa, mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana, kuma in ta ga dama ta haɗe su ta tashi awa ɗaya kafin lokaci. Maigidan da aka yi wa haihuwa yana da kwana 7, domin ya ga suna a gida. Wannan sabo ne.

Haka nan a karon farko an rubuta hutun takaba. Ma'aikaciyar da mijinta ya rasu za ta zauna wata huɗu da kwana goma, aikinta yana jiranta, da cikakken albashi a wata biyun farko da rabi a sauran. Rasuwar mahaifi, mahaifiya, mata ko ɗa, kwana 5 ne. Aikin Hajji kwana 40, sau ɗaya a zaman mutum da mu, bayan ya yi shekara uku. Umara kuwa daga hutun shekara za a cire.

Duk inda wannan bayani ya saɓa wa cikakkiyar takardar, ita ce abin bi, kuma akwai kwafinta a wurin kowane shugaban sashe. Za mu zauna da masu aikin safe ranar Talata bayan sallar Azahar a kantin cin abinci, masu aikin dare kuma ranar Alhamis da ƙarfe 6 na yamma, kafin su karɓi aiki. Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa abokin aikinsa da bai iya boko ba.

Shugaban Ofishin Kula da Ma'aikata