Tsarin Ci Gaban Aiki: Daga Gishe zuwa Sashen Kula da Haɗurra (2026–2027)

Mai tsari: Rabi Abdu Garba, ƙaramar ma'aikaciyar gishe, reshen Tawa
Mai bin sawu: Malam Isufu Hamidu, shugaban reshe
Wa'adi: Janairu 2026 zuwa Disamba 2027

Inda na dosa

Kafin ƙarshen 2027 in cancanci muƙamin ƙaramar mai nazarin haɗarin bashi a hedikwatar banki a Yamai. Haɗarin bashi na zaɓa, na ajiye na canjin kuɗi gefe, domin a reshe irin namu asara mafi yawa daga bashin da bai dawo ba take fitowa.

Abin da ke hannu da abin da babu

Akwai lisans ta lissafin kuɗi, wata 20 a gishe, sanin takardun buɗe asusu da tantance mai asusu, da sanin ƴan kasuwar albasa da na dabbobi fuska da fuska. Giɓi uku ne: ban iya karanta bayanan kuɗin kamfani har in yanke hukunci a kansu ba, dokokin babban bankin BCEAO na san su da ka, ban karanta su da ido ba, a Excel kuma ban wuce tarawa da ɗebewa ba.

Janairu zuwa Yuni 2026: doka tukuna

Awa 5 kowane mako: awa ɗaya bayan sallar isha'i ran Litinin, Talata da Laraba, awa biyu ran Asabar da safe. Cikin azumi karatun dare zai koma bayan asuba.

Zan fara da tsarin Basel II da III, wato dokokin jarin bankuna na UMOA, ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wanda ya soma aiki ran 1 ga Janairu 2018. Abin da zan iya bayyanawa ba tare da duba takarda ba: me ya sa jarin banki ba zai gaza kashi 11,5 cikin ɗari na dukiyar da aka auna da haɗarinta ba (9 mafi ƙaranci, 2,5 na kariya), da me ya sa bashin mutum ɗaya ko gungun masu alaƙa ba zai wuce kashi 25 na jarin tushe ba. Wurin da ake yawan zamewa shi ne gungun: uba, ɗa da ƙane kowa da asusunsa da sunan shagonsa, alhali tirela ɗaya suke jira daga Ƙonni. In kayan suka maƙale, su ukun ne za su kasa biya a wata guda.

Sai umarnin BCEAO mai lamba 026-11-2016 kan basussukan da suka maƙale: bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba yana shiga sahun masu shakku, ƙanana da matsakaitan kamfanoni kuma ana ba su har kwana 180. Daga nan sanarwar Hukumar Sa Ido kan Bankuna ta UMOA da ke Abijan, mai lamba 04-2017/CB/C, kan kula da haɗurra.

Shaida: taƙaitawa ta shafi biyu a kan kowace takarda, Malam Isufu ya yi mini tambayoyi a kanta na minti 20.

Yuli zuwa Disamba 2026: dosiye a hannu

Wannan ne zangon da ya fi nauyi. Ina neman izinin zama da mai kula da basussuka kowace Alhamis da yamma, in duba tsofaffin dosiye 24, huɗu a wata: 12 da aka biya lafiya, 12 da suka lalace. Zan rubuta hukuncina a shafi ɗaya kafin a faɗa mini yadda aka ƙare, sannan mu gwada.

Tambayoyin kowane dosiye ba sa canzawa. Daga ina kuɗin biya zai fito, kuma a wane wata? Me rahoton BIC, ofishin da ke tattara tarihin masu cin bashi, da rumbun bayanan basussuka na BCEAO suka nuna? Jinginar an yi mata rajista bisa dokar kasuwanci ta OHADA, ko takardar sayen fili ce kawai ta mai gari, wadda banki ba zai iya sayarwa da ita ba?

Tambayar watan biya ita ce ta Tawa. Manomin albasa na Galmi yana kashe kuɗi tun daga dashe, girbi sai wajen Maris da Afrilu, lokacin da kasuwa ke cike farashi ya faɗi. Mai hali yakan zuba a rudu ya jira tashin farashi, wani kaso kuma ya ruɓe. In aka ɗora masa biyan wata-wata daga Disamba, zai shiga jerin masu jinkiri ba don ba shi da gaskiya ba. Jadawalin ne aka yanka ba bisa awo ba. Haka mai turkar raguna, kuɗinsa na makon babbar salla ne. Ɗan kasuwar da cinikinsa da naira yake amma bashinsa da sefa, shi kuma faɗuwar naira kaɗai ta isa ta cinye ribarsa. Rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin CEDEAO na 2023, su ne misalan da zan gwada kowane dosiye da su: in hanya ta rufe wata shida, wa zai iya biya?

A Excel: RECHERCHEV, SOMME.SI.ENS da Tableau croisé dynamique. Zan gina teburin da ke rarraba basussukan reshe bisa kwanakin jinkiri (1–30, 31–60, 61–90, sama da 90) da bisa sana'a, da lissafin asarar da ake tsammani:

```
EL = PD × LGD × EAD
```

Misalin gwaji: EAD, wato bashin, miliyan 10; PD, yiwuwar kasa biya, kashi 8; LGD, abin da zai salwanta bayan sayar da jingina, kashi 45; EL, asara, jika 360. Sunan mai bashi ba zai shiga teburin ba, lamba kawai, kuma babu abin da zai bar na'urar ofis.

2027: a san ni a Yamai

Janairu zuwa Yuni: in riƙe rajistar kurakuran aiki ta reshe, wato giɓin kes, cek da aka biya da sa hannu marar kama, katsewar layi, tare da dalilin kowanne da gyaransa, rahoto ɗaya kowane wata uku zuwa sashen haɗurra. In nemi istaj na mako huɗu a sashen cikin Yuli ko Agusta, lokacin da damina ke rage cunkoso a gishe. Buƙatar shiga karatun ITB, cibiyar koyar da aikin banki, za ta tafi ofishin ma'aikata tun Maris. FRM, jarrabawar ƙwarewa kan haɗurran kuɗi, na jinkirta shi: da Ingilishi ake yinsa, kuɗinsa da dalar Amurka, kuma masu ɗaukan aiki a nan dokar UMOA suke fara tambaya. Oktoba: takardar neman muƙami, haɗe da teburin da nazarin dosiye uku mafi kyau.

Kuɗi da abin da ka iya ɓata tsari

Ajiyar jika 20 a wata, jika 480 ke nan a shekara biyu, don littattafai, intanet da zaman Yamai. Ƙarshen wata gishe ba ya barin kowa numfashi saboda albashi, don haka babu karatu daga 25 zuwa 2 ga wata. An riga an cire waɗannan kwanaki daga lissafi. In ba a samu mai riƙe mini gishe ran Alhamis ba sau biyu a jere, zaman ya koma safiyar Asabar. In banki bai ɗauki nauyin ITB a 2027 ba, sauran tsarin yana nan yadda yake, buƙatar ta sake tafiya a shekara mai zuwa.

Bita

Zama da shugaban reshe a Alhamis ta ƙarshe ta kowane wata uku, da taƙaitawa da teburi a hannu. Na farko: 26 ga Maris 2026, ƙarfe 4 na yamma.

Rabi Abdu Garba
Na gani, na amince: Isufu Hamidu
Tawa, 8 ga Janairu 2026