Maganar motar injin niƙa, Alhaji a duba

Assalamu alaikum Alhaji, barka da warhaka, ya iyali ya kasuwa. Allah ya ƙara girma.

Na ga kullum in ka leƙo wajen niƙa sauri kake, ga ƙarar inji ba a jin magana, shi ya sa na ce bari in rubuto maka ka karanta a natse. Maganar motar babban inji ce, wadda ke juya injin masara da dawa. Alhaji motar nan ta gaji, shawarata a canza ta kafin kaka ta kama sosai.

Jiya bayan an tashi na kwance ta na duba. A jikin farantinta an rubuta doki 15, wato kilowat 11, wuta layi uku, bolt 415, kuma bai kamata ta ja fiye da amfiya 21 ko kusa da haka ba in an cika mata kaya. Da na sa mita tana cikin aiki 27 take ja, layi ɗaya ma ya fi sauran, shi ya sa ko awa ɗaya ba ta yi za ka ga ba a iya ɗora mata hannu don zafi, yara su kashe su jira ta huce, mata na zaune da kwanukansu suna ta mita, wasu su ɗauka su tafi injin gaba. Koyil ɗin ya yi baƙi yana warin ƙuna, da na gwada ƙarfin rufin wayar kuma bai kai megom 1 ba, ma'ana wuta na iya bin jikin ƙarfen kowane lokaci. Wannan ya fi damuna wallahi, don yaran nan da silifas suke aiki, wani lokacin ƙasa a jiƙe saboda markaɗe.

Na san abin da za ka ce, a kai ta a sake naɗa koyil kamar da. To ai an naɗa a baya, kuma masu naɗi da wuta suke ƙone tsohuwar wayar kafin su cire, zafin nan yana lalata siraran ƙarafan cikin da wayar ke kwanciya a kai, in suka lalace ko wayar jan ƙarfe mai kyau aka sa motar za ta ci gaba da zafi tana shan wuta banza. Ga gidan boris na wajen fuli ya buɗe, sabon boris ma rawa yake a ciki, har cikin ya fara gogar bango na ga alamar. Ita ce ƙarar da kake ji, ita ce kuma ke cinye mana bel. Gyaranta yanzu kamar zuba ruwa a kwando ne.

Abin da nake so a sayo mota ce irinta, doki 15, mai gudu wajen 1450 a minti don fulinmu da bel su hau ba sai an sake lissafi ba. Kar wani mai shago ya lallaɓe mu da mai gudu 2900 don ta fi araha, ba za ta dace da injin nan ba. Kuma a ɗauko rufaffiya mai fanka a baya, garin da ke tashi a ɗakin nan shi ke shiga buɗaɗɗiyar mota ya toshe ta. Sabuwa akwai a Sabon Gari, ta hannu kuma akan samu a Ƙofar Ruwa. Ni dai sabuwa na fi so da rasit da garanti, amma in kuɗi bai kai ba ta hannun ma za ta yi, sharaɗi kawai in je da mitata in gwada a gaban mai ita, kuma wadda ba a taɓa naɗawa ba, don wasu fenti kawai ake fesa musu.

Sai ƙananan abubuwa da ya kamata a haɗa, obalod sabo a akwatin kunnawa, wato abin da ke kashe mota in ta ja wuta fiye da kima, da na'urar da ke yanke wuta in layi ɗaya ya ɗauke. Obalod ɗinmu an ɗaure shi da waya tun kafin in zo wajen nan, in layi ya ɗauke mota ta ci gaba da gurnani a kan biyu har ta gasu. In ba a sa su ba sabuwar ma haka za ta bi.

Farashi ban rubuta ba don yana bin dala, in ka amince gobe Asabar in zaga shaguna in kawo maka a takarda ka zaɓa da kanka. Tsohuwar kar a yar, masu gwangwan za su saya saboda jan ƙarfen ciki, ya rage mana wani abu. Ɗaurawa wuni ɗaya ya ishe ni, in yi ranar Juma'a da ba a cika layi ba, ƙaramin inji ya riƙe mutane. Kafin nan na ce wa yara su rage cika mata kaya, kuma kar wanda ya taɓa jikinta tana kunne.

Ina jiran umarninka Alhaji. A gaida Hajiya da yara.

Yaronka, mai gyaran inji