Anti ga leshin nan, ki karanta kafin ki sa almakashi

Salamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki ya yara? Ga leshina nan na ba autanmu ya kawo miki, yadi 5 ne ruwan toka mai ɗan duwatsu, shi ne ankon dinar ƙanwar maigidana, tun wancan satin aka ɗauko mana shi a Kantin Kwari. A cikin ledar akwai yadin shafi 4 da tsohuwar doguwar rigata mai ruwan goro. Na so in zo da kaina amma wallahi yarinyar nan ba ta barina in motsa.

Don Allah kar ki yi amfani da awon da ke littafinki, wancan tun kafin in haihu ne, jikin ya canza. Jiya na sa maƙwabciyata ta auna ni da tef: kafaɗa 16, ƙirji 41, ƙugu 36, hip 45, damtse 14. Idan kin ga wani wajen bai yi miki daidai ba ki gwada da rigar ruwan goron, ita ce kaɗai yanzu nake sakawa in yi numfashi.

Doguwar riga nake so, ta ɗan bi jiki daga ƙirji zuwa ƙugu, daga nan ta sake ta buɗe a hankali har ƙasa. Ban ce ki matse ni ba Anti, na san ki da son fito da shef, to wannan biki na dangin miji ne, uwar mijina da yayyensa duk suna wajen, ba zan yi ta jan mayafi ina rufe-rufe ba. Ki bar min inci 2 na sakewa a hip yadda zan zauna in ci abinci in tashi lafiya, kuma ki bar rara a cikin ɗinkin gefe ko inci ɗaya-ɗaya ne, in na rame a rage in na ƙara a buɗe. Zif ɗin a gaba za ki sa shi saboda shayarwa, ki ɓoye shi kar ya fito, ya sauko har ƙasan ƙirji. Wuya zagayayye, kar ya yi zurfi ta gaba ko ta baya.

Sai hannu, nan ne nake so ki natsu. Dogo har wuyan hannu, inci 23. Kar ya kama ni a hammata, na sallar bara in na ɗaga hannu sai duk rigar ta biyo ni sama, ɗaurin ɗankwali ma sai da aka taya ni. Daga gwiwar hannu ya ɗan buɗe, bakin ya kai kamar inci 12 yadda zan iya naɗe shi in yi alwala ba sai na cire riga a gidan mutane ba, amma ba irin mai faɗin nan da ke shiga cikin miya ba. Bakin leshin mai ado shi za ki sa a ƙarshen hannun, kar ki kalmashe shi. Ki sa shafi daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, leshin shara-shara ne kuma yana ƙaiƙayi, sauran ki bar shi haka. In duwatsun sun faɗo ta hammata ki cire su, suna kartar fata.

Tsawo 58 daga kafaɗa, da takalmin da zan saka aka auna, tsininsa inci 2. Ina so ta rufe idon sawu ta taɓa bayan takalmi, ba ta riƙa sharar ƙasa ba, kin san yadda hol yake cika a yi ta taka wa mutum riga. Na auna faɗin leshin 51 ne, ba zai kai tsawona a tsaye ba, don haka ki yi haɗin a ƙugu inda ba zai nuna ba, adon bakin ya zauna a ƙasa ya zagaye daidai. Shafin ya gaza leshin da inci 1 kawai. Tsaga ba na so ko kaɗan.

Abin da ya rage ki fitar min da ɗankwali, in da ɗan ƙyalle ki ajiye min ko hular bebi a yi mata mu yi anko.

Dinar ranar Asabar ta sama ce, amma ranar Talata nake so in zo in gwada saboda in da gyara a samu lokaci, don Allah ban da "gobe in sha Allahu" ɗin nan. Na tura miki 10,000 kafin alƙalami, ki duba, ciko sai na zo. In akwai abin da bai yiwu ba ki kira ni kafin ki yanka, leshin ya ƙare a shagon, babu inda zan samo ƙari.

A gaida su Ummi.