Gizo da Zumar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekarar fari, Gizo ya ranci tulun zuma wajen Kura a bakin Kusugu, ya lashe tas. Ranar biya ya cika tulun da laka, ya shafa zuma a baki.

Koki ta ce, "Maigida, za ta gane."

"Kura? Haba!"

Kura ta dangwala yatsa, ta ji laka, ta yi shiru. Ta zaga Daura tana cewa, "Gizo akwai amana!"

Kafin kaka, kowa ya kawo masa ajiya: gero, awaki, har marayu. Idon gari duk a kansa, ko loma bai iya tabawa. Ya rame yana gadin kayan mutane, Kura na wucewa tana gaishe shi, "Malam Amintacce, ya aiki?"

Kurunkus!