Rahoton binciken cikin gida kan siton Kakuri da reshen Saminaka, Afrilu zuwa Satumba 2024

Zuwa ga Manajan Darakta da mambobin kwamitin gudanarwa, daga Shugaban Sashen Binciken Cikin Gida, Kaduna, ranar Litinin 28 ga Oktoba 2024.

Ranka ya daɗe, bisa umarnin da kwamitin gudanarwa ya bayar, sashenmu ya binciki yadda takin zamani yake shiga da fita a babban sitonmu na Kakuri, da yadda ake tafiyar da kuɗin ciniki a reshen Saminaka, daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Satumba 2024, wato lokacin da cinikin damina yake kan ganiyarsa. Mun duba takardu, mun karanta abin da ke cikin manhajar kaya, mun zanta da ma'aikata, sannan muka ƙirga buhuna da hannunmu. Abubuwa 3 muka gano da suka cancanci kulawar shugabanni, kuma na farkon ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba.

Bincike na 1: ana gyara lissafin kaya ba tare da sanin wanda ya gyara ba (haɗari babba)

Halin da muka tarar. Ranar Talata 8 ga Oktoba 2024 muka rufe ƙofar siton Kakuri tun ƙarfe 8 na safe, muka ƙirga buhunan yuriya masu nauyin kilo 50 jeri bayan jeri a gaban mai kula da sito da wakilin sashen kuɗi. Manhaja ta nuna buhu 4,180, mu kuwa buhu 3,968 muka samu a ƙasa, wato an sami giɓin buhu 212. Da muka koma cikin manhajar domin gano inda giɓin ya faro, sai muka ga an yi gyaran lissafi sau 63 a cikin wata 6, kuma 41 daga cikinsu ba su da takardar amincewa mai sa hannun kowa. Waɗannan 41 sun rage buhu 540 daga lissafi, kuma dalilin da aka rubuta a mafi yawansu bai wuce “ya jiƙe” ko “ya fashe” ba. Mun nemi a nuna mana buhunan da suka lalace, ko shaidar an sake zuba su a sabon buhu, ko an sayar da su da rangwame, amma ba a kawo mana komai ba. Guda 17 daga cikin gyare-gyaren an yi su ne bayan ƙarfe 6 na yamma, lokacin da littafin maigadi ya nuna an riga an kulle sito.

Duk waɗannan gyare-gyare da asusun shiga manhaja guda ɗaya aka yi su, mai suna `store01`, wanda mutum 5 suke shiga da shi. Kalmar sirrinsa tana rubuce a wata ƴar takarda da aka liƙa da salatif a gefen allon kwamfuta, inda duk direban da ya shigo karɓar takardar fitar da kaya zai iya karanta ta yana tsaye. Ba a canza ta ba tun da aka kafa manhajar a 2022, kuma 2 daga cikin waɗanda suka san ta sun riga sun bar aiki, ɗaya a watan Fabrairu, ɗaya a watan Yuli.

Ƙa'idar da ya kamata a bi. Kundin tafiyar da sito da kwamitin gudanarwa ya amince da shi ya tanadi cewa ba za a rage ko a ƙara ko da buhu 1 a lissafi ba sai da takardar da mai kula da sito ya cike, manajan ayyuka ya duba kayan da idonsa, akanta kuma ya sa hannu. Kundin ya kuma ce kowane ma'aikaci ya kasance da nasa asusun, a rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya ajiye katin shaidarsa, a kuma ƙirga kaya ƙarshen kowane wata. Ban da wannan, Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani ya riƙe bayanan kuɗi da za su nuna ainihin matsayinsa, har da bayanin kayan da ke hannunsa.

Musabbabi. Ba a rasa doka ba, an dai bar ta a cikin kundi. Lokacin da aka sayi manhajar, lasisin mutum 1 kawai aka biya wa sito domin a rage kashe kuɗi, kuma tun daga nan babu wanda ya sake waiwayar maganar. Sashen ma'aikata ba ya sanar da jami'in kwamfuta idan wani ya bar aiki, domin ba a taɓa ɗora wa kowa wannan nauyi a rubuce ba. Sannan ƙirgar wata-wata ta tsaya tun watan Mayu; manajan ayyuka ya shaida mana cewa a tsakiyar damina, idan manoma da dillalai suka yi layi tun asuba, ba a iya rufe sito yini guda. Mun fahimci wannan uzuri, sai dai lokacin da kaya suka fi yawan shige da fice shi ne lokacin da aka fi buƙatar ƙirga. A sakamakon haka, hannun da ke karɓar kaya shi ke fitar da su, shi ke rubutawa, shi ne kuma ke gyara abin da ya rubuta.

Illa. Idan aka haɗa buhu 212 da suka ɓata da buhu 540 da aka rage ba shaida, ana maganar buhu 752, wanda ya zarce lodin tirela guda mai ɗaukar buhu 600. A kan farashin ₦36,000 da ke littafin kamfani, darajarsu ta kai ₦27,072,000. Ba mu ce an sace kayan ba, domin ba mu da hujjar da za ta tabbatar da hakan, kuma yana yiwuwa wasu buhunan sun lalace da gaske, tunda yuriya ba ta jure laima kuma mun ga inda rufin kwano yake yoyo a kusurwar gabas. Abin da muke cewa shi ne, a yadda tsarin yake yau kamfani ba zai iya tuhumar kowa ba, ba kuma zai iya wanke kowa ba, kuma ma'aikata masu gaskiya suna zaune cikin zargin da ba su da hanyar kare kansu daga gare shi. Haka nan adadin kaya da ake kawo wa kwamiti kowane wata, wanda a kansa ake yanke shawarar sayayya, ba abin dogaro ba ne.

Shawara. A canza kalmar sirrin nan take, a kuma dakatar da asusun `store01` gaba ɗaya kafin 15 ga Nuwamba 2024, bayan an sayi lasisin da zai bai wa kowane ma'aikacin sito nasa asusun. A cire ikon gyaran lissafi daga hannun sito, a mayar da shi hannun akanta, wanda ba zai taɓa komai ba sai takardar amincewa tana gabansa. Manajan ayyuka ya dawo da ƙirgar wata-wata, a riƙa yin ta ranar Lahadi idan ciniki ya hana a ranakun aiki, tare da wakilin da ba ma'aikacin sito ba. Sashen ma'aikata ya saka rufe asusu cikin takardar sallama, ta yadda ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai jami'in kwamfuta ya sa hannu. Game da buhu 752, muna ba da shawarar a kafa kwamitin mutum 3 da zai saurari kowa cikin adalci, ya kawo rahoto cikin kwana 30, kuma kada a hukunta kowa kafin nan.

Bincike na 2: jinkirin kai kuɗin ciniki banki a reshen Saminaka (haɗari matsakaici)

Halin da muka tarar shi ne, a cikin ranakun ciniki 60 da muka zaɓa muka gwada rasit da takardar banki, kuɗin ranaku 38 bai shiga asusun kamfani a kan lokaci ba, kuma a watan Yuli akwai lokacin da ₦14,200,000 suka kwana 6 a akwatin ƙarfe na ofis. Ƙa'idar kamfani ita ce a kai cinikin kowace rana banki kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba, inshorar da muke da ita kuma ₦5,000,000 kawai ta rufe na kuɗin da ke ajiye a reshe. Musabbabin jinkirin shi ne mota 1 ce a reshen, ita ke kai kaya ƙauyuka ita ke zuwa banki, kashiya kuma ba ta yarda ta ɗauki kuɗi masu yawa a kan babur ba, abin da muke ganin ta yi daidai.

Ya kamata a rubuta cewa duk kuɗin da muka bi sawunsu sun shiga banki cif, ba a rasa ko kwabo ba. Illar tana ga abin da ka iya faruwa, domin da an yi fashi ko gobara a wancan mako na Yuli, da ₦9,200,000 sun tafi ba tare da diyya ba, ban da haɗarin da rayukan ma'aikata ke ciki idan aka san akwai kuɗi a ofis. Muna ba da shawarar a daina karɓar tsabar kuɗi daga dillalan da ke sayen buhu 50 zuwa sama, su riƙa turawa ta banki, a samar wa reshen na'urar biyan kuɗi da kati, a kuma ware wa motar awa 2 kowace safiya domin zuwa banki. Manajan kuɗi ya aiwatar da wannan kafin 30 ga Nuwamba 2024.

Bincike na 3: ajiyar kwafin bayanai (haɗari matsakaici)

Kwafi na ƙarshe na bayanan manhaja an ɗauke shi ne ranar 19 ga Yuni 2024, yana kan faifai guda da ke cikin aljihun teburin da kwamfutar take kai, kuma ba a taɓa gwada dawo da bayanai daga cikinsa ba. Ƙa'idar kamfani ta ce a ɗauki kwafi kowane mako a ajiye shi a wani gini dabam. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ce a adana bayanan kuɗi na shekara 6, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 kuma ta ɗora mana nauyin kiyaye sunaye da lambobin wayar manoman da ke cikin manhajar. Dalilin gazawar shi ne ma'aikacin da ke yin aikin shi ne wanda ya tafi a watan Yuli, ba a kuma miƙa wa kowa ba. Idan wuta ta tashi a wannan ɗaki, da kwamfutar da kwafin za su tafi tare, har da lissafin basussukan da kamfani ke bin dillalai. Muna ba da shawarar jami'in kwamfuta ya koma ɗaukar kwafi kowace Juma'a, ya ajiye ɗaya a babban ofis, ya kuma gwada dawo da shi a gabanmu sau 1 a kowane wata 3.

Mun karanta wa manajan ayyuka da manajan kuɗi daftarin wannan rahoto ranar 22 ga Oktoba, kuma sun amince da alƙaluman, sai dai manajan ayyuka ya nemi a rubuta cewa ya kai ƙorafin yoyon rufi sau 2 ba a gyara ba, mun kuma ga takardun da ya rubuta. Muna roƙon kowane sashe ya aiko da amsarsa a rubuce kafin 11 ga Nuwamba 2024, tare da sunan jami'in da zai ɗauki nauyin kowace shawara. Sashenmu zai koma Kakuri da Saminaka a mako na 2 na Janairu 2025 domin duba abin da aka aiwatar.

Shugaban Sashen Binciken Cikin Gida