Bitar gwajin Asabar: yadda ake kore amsoshin ƙarya har a bar ta gaskiya

Ga 'yan ajin shirin JAMB na makarantar yamma, Mabera, Sakkwato

Na gama duba takardunku. Mafi yawan makin da kuka zubar gaggawa ce ta ci shi, don ɗalibi yana ganin sunan da ya sani sai ya danna shi ya wuce. Mai tsara tambaya kuwa ya san haka, shi ya sa ba kasafai yake sa shirme a cikin zaɓi ba. Yakan ɗauko abin da yake gaskiya a wani wuri ya ajiye shi inda ba muhallinsa ba. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 kowace ɗaya, saboda haka a nan gida za ku saba da tankaɗe. Na zaɓo tambayoyin da suka fi kayar da ku.

Tambaya ta 3. Wane Sarkin Gobir ne jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka gwabza da shi a Tabkin Kwatto a 1804?
A. Bawa Jangwarzo
B. Nafata
C. Yunfa
D. Kanta

Fara da wanda ya fi nisa. Kanta ba Bagobiri ba ne, Sarkin Kabi ne mai birnin Surame, kuma a ƙarni na 16 ya yi zamaninsa. D ta faɗi ta fuska biyu, ƙasa da lokaci.

Sauran ukun duk sun sarauci Gobir, duk kuma sun yi zamani da Shehu, don haka sanin suna ba zai fisshe ka ba sai ka san jerin: Bawa, Yakuba, Nafata, Yunfa. Da yawanku kun zaɓi A, na kuma san dalili, sunan Bawa ne ya fi amo a kunne, ana cewa Gobir shi ke faɗo wa mutum a rai. To amma Bawa shi ne wanda ya gana da Shehu a Magami ya amince masa da yin wa'azi, ya kuma rasu tun ƙarni na 18 bai ƙare ba. Wanda ke kabari kafin 1800 ba ya fita fagen daga a 1804. B ta fi wuyar korewa, domin Nafata ne ya kafa dokokin da suka takura wa jama'a, har da hana ɗaura rawani da sa lulluɓi. Shi ya hura wutar, amma bai ga ƙonewar ba, ya rasu kafin hijirar Shehu, ɗansa Yunfa ya gaje shi. Amsa: C.

Tambaya ta 4. Ina Shehu ya yi hijira zuwa gare shi a watan Fabrairun 1804?
A. Degel
B. Gudu
C. Alƙalawa
D. Sifawa

Kalmar "zuwa" ce tambayar gaba ɗaya. Degel nan ne aka taso, to wanda ya zaɓi A ya san labarin sarai, karatun tambayar ne bai yi ba. Alƙalawa fadar Yunfa ce, ba a gudun mutum a shige zaurensa, sai a 1808 birnin ya faɗi. Sifawa Shehu ya zauna a can, gaskiya ne, amma bayan an ci Alƙalawa, kafin ya dawo Sakkwato a 1815. Saura B.

Tambaya ta 9. Wane ne Sarkin Musulmi lokacin da sojojin Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903?
A. Muhammadu Bello
B. Abdurrahman
C. Muhammadu Attahiru I
D. Muhammadu Attahiru II

Zaɓin A kyauta ce aka ba ku. Bello ya hau a 1817 ya rasu a 1837, kabarinsa na Wurno, tsakaninsa da zuwan Turawa shekara 66. Duk da haka akwai wanda ya zaɓe shi a ajin nan, ba zan faɗi suna ba, ya san kansa.

B tarko ce mai kyau. Abdurrahman shi ne aka yi ta musayar wasiƙu da Turawa a zamaninsa, saboda haka mai karatu yakan haɗa sunansa da wannan rikici. Sai dai ya rasu a 1902, 'yan watanni kafin a iso Giginya, filin da aka gwabza da Turawa a bakin birnin Sakkwato. Daga nan sai a bar ka da mutum biyu masu suna ɗaya, kuma a nan ne mai canke yake komawa ga sa'a. Kai kuwa ka yi tunani haka: lambar da ke bayan suna jeri take nunawa, na ɗaya ya riga na biyu. Idan duka biyun sun yi sarauta a shekarar da Turawa suka zo, wanda suka tarar a kan gado dole shi ne na farkon, wanda aka naɗa bayan an ci gari shi ne na biyun. Haka kuwa aka yi. Attahiru na ɗaya ya bar Sakkwato ya nufi gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yulin 1903, a ƙasar da yau take jihar Gombe. Attahiru na biyu Turawa ne suka naɗa shi. Amsa: C.

Tambaya ta 12. A wace shekara aka ƙirƙiro jihar Sakkwato?
A. 1967
B. 1976
C. 1991
D. 1996

Ina son wannan tambayar, don babu shekara ɗaya a cikinta da ba a ƙirƙiro jihohi ba, kuma kowace ta taɓa mu. C da D shekarun ragi ne: a 1991 gwamnatin Babangida ta cire Kebbi, a 1996 gwamnatin Abacha ta cire Zamfara. Ba a yanka daga abin da babu shi, to jihar ta girmi shekarun biyu. A 1967 Gowon ya yi jihohi 12, Sakkwato ta zama babban birni, amma sunan jihar Arewa maso Yamma, ta haɗa har da Minna da Bida. Sai a 1976 gwamnatin Murtala ta raba ta gida biyu, Sakkwato da Neja. Ku lura kuma 1967 da 1976 lambobi iri ɗaya ne aka juya, da gangan aka jera su kusa da juna don mai hanzari. Amsa: B.

Tambaya ta 17. Wace ce a cikin waɗannan BA ƙaramar hukuma ba ce a jihar Sakkwato?
A. Wurno
B. Tambuwal
C. Illela
D. Argungu

An rubuta BA da manyan baƙaƙe, amma wasu sun tsallake ta. A irin wannan, abin da yake daidai shi ake korewa. Wurno, Tambuwal da Illela suna cikin 23 ɗinmu. Argungu ta bi Kebbi tun 1991. D.

Tambaya ta 21. Daga wace kusurwa iskar hunturu take busowa?
A. Arewa maso gabas
B. Kudu maso yamma
C. Kudu maso gabas
D. Arewa maso yamma

Ko ba ka buɗe littafi ba, leɓenka da kaushin ƙafarka sun gaya maka iskar busasshiya ce mai ƙura. Kudu da mu teku ne da daji, iskar da ta ratso su da laima take zuwa. B ma ita ce ainihin iskar damina mai ɗauko ruwa daga Tekun Atlantika. Kudu biyun sun fita ke nan. Tsakanin A da D sai an san dalili: juyawar duniya tana karkatar da iskar da ke gangarowa daga arewa zuwa tsakiyar duniya, ta mai da ita tana fitowa ta gefen gabas. Ƙurar da ke rufe mana rana a watan Janairu ta wajen Chadi take tasowa, Chadi kuwa gabas take da mu. Amsa: A.

Wata a cikinku ta ce da ni, "Malam, ai hadari ma daga gabas yake taso mana." Ta yi gaskiya, haka muke gani. Guguwar hadarin ce ke tafiya daga gabas zuwa yamma, amma laimar da ta zama ruwan daga kudu maso yamma ta zo. Idan an tambaye ku iskar da ke kawo damina, kada idonku ya yaudare ku.

Tambaya ta 26. Wani ɗan kasuwa ya sayi buhun albasa naira 40,000 ya sayar naira 50,000. Kashi nawa cikin ɗari ya ci riba?
A. 10
B. 20
C. 25
D. 80

A lissafi kowane zaɓin ƙarya kuskuren wani ne aka riga aka lissafa masa, shi ya sa ganin amsarka a cikin jeri ba ya nuna ka yi daidai. Ribar naira 10,000 ce, wanda ya tsaya nan ya yar da sifirai shi ne mai A. Mai D ya raba 40,000 da 50,000, bai ma fitar da riba ba. Da hankali kaɗai za ka kore ta, don ribar kashi 80 ta kusa ninka uwar kuɗi, mutumin nan kuwa bai kai ko rabi ba. B ce ta kwashe mafi yawanku: kun raba 10,000 da kuɗin sayarwa. Ku tambayi kowane mai rumfa a Tsohuwar Kasuwa, a kan abin da ya zuba yake auna ribarsa. 10,000 ÷ 40,000 = 1/4, wato 25. In kana shakka, gwada ta baya: kashi 20 na 40,000 naira 8,000 ne, da a 48,000 ya sayar. Amsa: C.

Tambaya ta 33. Wace kalma ce jinsin namiji?
A. riga
B. hula
C. gida
D. ƙasa

Dokar da kuka haddace, cewa sunan da ya ƙare da "a" mace ne, ba za ta yi aiki ba, domin duka huɗun haka suka ƙare. Sai ka ɗora kowace a ma'auni. Riga ce, hula ce, ƙasa ce, amma gida ne. Da bakinmu na nan ma haka yake fita: riga ta, gida na.

Inda Basakkwace yake zamewa shi ne in ya gwada da mallaka. A daidaitacciyar Hausa ana cewa rigar Musa da gidan Musa, bambancin a fili yake. Mu kuwa rigam Musa muke furtawa, mu kuma ce gidam Musa, kunne ya ji su iri ɗaya. To kada ka gwada da sunan da ya fara da "m". Sa Audu ko Sani: gidan Sani, amma rigas Sani, hulas Sani, ƙasas Sani. Wadda ta riƙe "n" ɗinta ita ce namiji, sauran ukun sun fita. Amsa: C.

Ranar Asabar mai zuwa kowa ya zo da tambayoyi na 35 zuwa 40. Ba harafin amsa kaɗai nake so ba, a gaban kowane zaɓi da ka ƙi ka rubuta mini layi ɗaya na abin da ya kore shi. Za mu fara da ƙarfe huɗu da rabi, bayan La'asar.