Takardar Sanarwar Kawo Ƙarshen Yarjejeniyar Dillancin Man Gyaɗa

Kamfanin Man Gyaɗa Mai Kurciya,
Unguwar Masana'antu ta Sharaɗa,
Kano.

Litinin, 2 ga Yuni, 2025 (6 ga Zulhijja, 1446)

Zuwa ga Alhaji Lawali Mai Jarka,
Shugaban kamfanin Lawali Mai Jarka da 'Ya'yansa,
Hanyar Sakkwato, Gusau, Jihar Zamfara.

An kawo hannu da hannu, an kuma aiko kwafi ta kamfanin aika saƙo.

Ranka ya daɗe,

SANARWA A ƘARƘASHIN SASHE NA 14(1) NA YARJEJENIYAR DILLANCI TA 1 GA MARIS, 2021

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da yaran shago, na rubuto da sunan hukumar daraktocin kamfaninmu domin in sanar da kai cewa za mu kawo ƙarshen yarjejeniyar da ta naɗa kamfaninka babban dilan man gyaɗa mai tambarin Kurciya a Jihar Zamfara. Yarjejeniyar za ta ƙare da ƙarfe 12 na daren Talata, 30 ga Satumba, 2025. Wannan takarda ita ce rubutaccen notis ɗin da sashe na 14(1) ya tanada.

Idan ka duba kwafin da ke hannunka, sashe na 3 ya ɗaure mu duka na shekara biyu na farko, waɗanda suka cika ranar 28 ga Fabrairu, 2023. Daga nan yarjejeniyar ta ci gaba ba tare da ƙayyadadden wa'adi ba, kuma sashe na 14(1) ya ba kowane ɓangare damar janyewa idan ya ba ɗayan notis a rubuce na aƙalla kwana 90, ko bai faɗi dalili ba. Daga yau zuwa 30 ga Satumba kwana 120 ne. Da gangan muka ƙara kwana 30 a kan abin da aka wajabta mana. Hutun Babbar Sallah na tafe a wannan makon, kuma ba ma so ranar da takarda ta iso hannunka ta zama abin jayayya. Ko da a ce ba ta same ka ba sai bayan sallah, kwana 90 ɗinka suna nan cif, har da ragowa.

Alhaji, ina so wannan magana ta fita sarai, don kada wani ya juya ta a kasuwa. Ba mu dogara da sashe na 14(3) ba, wanda ya yi magana a kan saɓa yarjejeniya, kuma wannan takarda ba ta tuhumar ka da wani laifi. Ko da yake ba dole ne mu faɗi dalili ba, zaman da muka yi da kai ya fi ƙarfin mu rufe ka. A zamanta na 20 ga Mayu, hukumar daraktoci ta yanke shawarar daina tsarin dila ɗaya ga jiha ɗaya a duk yankin arewa maso yamma, kamfani ya riƙa buɗe sito nasa yana sayar wa 'yan sari kai tsaye. Takarda irin wannan ta tafi ga sauran dilolinmu na yankin a yau ɗin nan. Na faɗi wannan ne don girmamawa kawai, amma abin da notis ɗin ya tsaya a kai shi ne sashe na 14(1).

Ban manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako. Wata shida kacal da fara hulɗarmu ke nan. Babban yaronka yakan shigo mota tun asuba daga Gusau, ya iso Sharaɗa da takardar oda da shaidar biyan kuɗi ta banki a naɗe cikin leda a aljihun gaban rigarsa, ya jira a yi lodi, ya bi motar ya koma. Haka kuma a farkon 2023, da takardun naira suka yi wuya, ba ka bar jarka ɗaya ta kwana a sito saboda rashin tsabar kuɗi ba. Kurciya ta shiga Ƙauran Namoda da Talata Mafara da Tsafe ta hannunka ne. Shi ya sa nake so rabuwar nan ta zama mai tsabta, kowa ya san abin da ke kansa da abin da yake bi.

Daga yau har zuwa 30 ga Satumba babu abin da ya canja. Kai kaɗai ne dilanmu a Zamfara kamar yadda sashe na 4 ya ce. Ba za mu naɗa wani ba, ba za mu buɗe sito a jihar ba, kuma ba za mu sayar wa kwastomominka ta bayan fage ba. Na riga na umarci sashen kasuwancinmu cewa duk ɗan sarin da ya kira daga Zamfara a mayar da shi gare ka. Farashinka na dila da rangwamenka da kwana 21 na biyan bashi suna nan yadda suke. Oda biyu da ka aiko ranar 26 da 29 ga Mayu, jarka mai lita 25 guda 600 da katan 400 na galan mai lita 5, mun karɓe su, za a yi lodinsu kafin 12 ga Yuni. Duk odar da ta biyo baya za mu cika ta muddin ta yi daidai da abin da ka saba ɗauka a wata. Idan ta zarce haka da yawa za mu zauna mu tattauna tukuna, don kada kaya su yi maka yawa a ƙarshen wa'adi. Mu ma muna sa ran za ka ci gaba da sayarwa da biya da aiko rahoton wata-wata kamar yadda aka saba.

Sai maganar kuɗi. A littafinmu, zuwa ranar 31 ga Mayu, 2025, kamfani yana bin ka naira 18,450,000 na kayan da aka kai maka, kuma babu ko kwabo a ciki da wa'adin biyansa ya wuce. Kai kuma kana bin mu naira 1,260,000, kamashon da ka ci na watanni uku na farkon bana, sannan akwai naira 10,000,000 da ka ajiye a wurinmu a matsayin jingina tun 2021. Na haɗo cikakken lissafin da wannan takarda. Ka sa akawunka ya gwada shi da naku littafin, idan akwai inda muka saɓa a sanar da mu a rubuce cikin kwana 14, tare da lambar rasit ko takardar lodi, mu gyara tun da sauran lokaci. Kamashon za mu biya shi a cikin watan nan, ba za mu riƙe shi sai ƙarshe ba. Kuɗin jingina kuwa, sashe na 9 ya ce a cire abin da ya rage na bashi a mayar da saura cikin kwana 30 bayan ƙarewar yarjejeniya, wato kafin ko a ranar 30 ga Oktoba, 2025. Haka za a yi.

Kayan da za su rage a sitonka su ne inda irin wannan rabuwa ta fi kawo saɓani, don haka bari in tsaya a kansu. Muna ba da shawarar a yi ƙidaya ranar Talata, 23 ga Satumba, a sitonka na Gusau, mutum biyu daga wurinka, biyu daga wurinmu, kowa ya sa hannu a takardar ƙidayar a nan take. Bayan haka zaɓi naka ne. Idan ka so, mu saye kayan a kan farashin da ka ɗauke su, mu kuma ɗauki nauyin motar da za ta dawo da su Kano. Sharaɗin da sashe na 15 ya gindaya shi ne a samu murfin jarka bai tsinke ba, tambari da lambar NAFDAC suna karantuwa, kuma saura aƙalla wata shida kafin ranar da aka buga a jiki ta lalacewar man. Idan kuma ka fi son ka sayar da kanka, kana da kwana 60, zuwa 29 ga Nuwamba, 2025, ka ƙarar da su da sunan Kurciya ba tare da wani ya tsangwame ka ba. Kana iya raba su ma, wasu ka dawo mana da su, wasu ka sayar. Jarkar da ta tsage ko ta yi yoyo tun daga wurin lodi namu ne asararta, a ware ta gefe a ranar ƙidaya.

Motar rarraba kaya da muka ba ka aro da allunan talla guda uku za a dawo da su kafin 7 ga Oktoba. Ba za mu caje ka tsufan da mota ta yi a kan aiki ba. Daga 1 ga Oktoba kuma a daina kiran shagon da sunan dilan Kurciya a rasit ko a allo, in ban da wajen ƙarar da ragowar kaya. Bashin da kake bin 'yan sarinka haƙƙinka ne, babu hannunmu a ciki. Idan kana so, za mu rubuta takarda ta haɗin gwiwa zuwa gare su, mu biyu mu amince da kalmominta, mai cewa canjin tsari ne daga kamfani, kuma an rabu lafiya.

Na san ka biya hayar sito na biyu har zuwa ƙarshen Disamba saboda kayanmu. Sashe na 16 ya ce babu diyya a kan ɓangaren da ya janye ta hanyar sashe na 14(1), kuma a kan haka muke. Duk da haka hukumar daraktoci ta amince ta mayar maka da hayar Oktoba da Nuwamba da Disamba idan ka kawo rasit. Kyautatawa ce daga gare mu, ba amincewa ba ce da cewa akwai wani alhaki a kanmu, kuma ba mu ɗaura mata sharaɗin ka yafe wani haƙƙi naka ba. Ƙofa kuma a buɗe take idan kana so ka ci gaba da ɗaukar kaya a matsayin babban ɗan sari a sabon tsarin.

Babu abin da ke cikin wannan takarda da ke nufin ɗayanmu ya sarayar da haƙƙin da yarjejeniya ko doka ta ba shi. Sashe na 12 a kan riƙe sirrin farashi da sashe na 19 a kan warware saɓani za su ci gaba da aiki bayan 30 ga Satumba. Idan kana ganin akwai inda muka kauce, sashe na 19 ya ce a fara zama ido da ido cikin kwana 21, idan ba a daidaita ba a je cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jihar Kano, idan nan ma ya faskara a miƙa ga mai sasanci bisa dokar sasanci da ke aiki, wadda a yanzu ita ce ta 2023. Ina ba ka shawara ka nuna wa lauyanka wannan takarda kafin ka amsa ta. Duk wani canji ga abin da na rubuta a nan ba zai yi aiki ba sai an sa shi a rubuce mu biyu mun sa hannu, ko wane ne ya faɗe shi ta waya.

Mai kawo takardar yana ɗauke da kwafi biyu. Don Allah a buga hatimin shago a ɗaya, a rubuta rana da lokaci, a ba shi ya dawo da ita. Sa hannun shaida ce kawai ta cewa ta iso, ba ya nufin ka yarda da abin da ke ciki.

Ni da kaina zan zo Gusau ranar Laraba, 18 ga Yuni, in Allah ya kai mu, tare da akawunmu, mu bi lissafin layi-layi. Idan ranar ba ta yi maka ba, ka zaɓi wata a cikin makon. Allah ya sa mu yi sallah lafiya, ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naka cikin girmamawa,

Nasiru A. Garba,
Manajan Darakta,
a madadin Kamfanin Man Gyaɗa Mai Kurciya.

An haɗo da: lissafin asusu zuwa 31 ga Mayu, 2025, da kwafin sashe na 3, 4, 9, 12, 14, 15, 16 da 19 na yarjejeniya.

Kwafi zuwa ga: sakataren kamfani da lauyan kamfani.